Darasin Turanci: Jituwar Aikau da Aikatau Idan Ana Maganar Taro

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta takarda da Turanci zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, a Tambuwal ne ko a Kebbe, ya san inda biro ke tsayawa. Ka rubuta sunan ƙungiyarku lafiya lau, ka zo kan aikatau, sai ka rasa ko *has* za ka sa ko *have*, ko *is* ko *are*. Ƙungiya ɗaya ce, amma mutum arba'in ne a cikinta. To wa za a bi, ƙungiyar ko mutanen? Wannan tambayar ita ce darasinmu na yau. Tana fitowa a wasiƙar neman taki, tana fitowa a rahoton taron kwamitin makaranta, kuma tana fitowa a takardar Turanci ta jarrabawar WAEC da ta NECO, waɗanda da yawa daga cikinku ke shirin zaunawa a matsayin ɗalibai masu zaman kansu.

Kalmomi biyu za mu riƙe tun daga farko. Aikau shi ne wanda jimla ke magana a kansa, wato mai yin aikin. Aikatau kuwa ita ce kalmar aikin. Jituwa ita ce su biyun su dace da juna: idan aikau tilo ne aikatau ya zo a siffar tilo, idan jam'i ne ya zo a siffar jam'i.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku, kullum kuna yin sa a Hausa ba tare da kun lura ba. Ba wanda zai ce "manomi sun zo" ko "manoma ya zo". Ɗan ƙaramin wakilin sunan nan da ke shiga gaban aikatau, wato ya, ta ko sun, shi ne ke ɗauke da jituwar. A bakin mutanen ƙasar Sakkwato ma haka abin yake, sai dai lafazin ya bambanta: "da manomi yaz zo", "da manoma sunka zo". Kunnenku ya riga ya horu a kan wannan, kuma da shi za mu yi aiki har ƙarshen darasi.

Abin da ke rikita mai koyo a Turanci shi ne harafin *s*. Idan ya hau ƙarshen suna, jam'i yake nunawa: *farmer* manomi ne, *farmers* manoma. Amma idan ya hau ƙarshen aikatau, tilo yake nunawa. Ku duba:

*The farmer sells onions.*
*The farmers sell onions.*

Manomi ɗaya yana sayar da albasa, aikatau ya ɗauki *s*. Manoma da yawa suna sayarwa, aikatau ya ajiye shi. Haka *is*, *was*, *has* da *does*, duk suna ƙarewa da *s* kuma duk na tilo ne, yayin da *are*, *were*, *have* da *do* suke na jam'i. Akwai sauƙi ɗaya: a lokacin da ya shuɗe yawancin aikatau ba sa canja siffa, *sold* yana nan *sold* ko mutum ɗaya ne ko ɗari. Sai *was* da *were* kaɗai ke buƙatar kula a can.

Nemo madugun jimla

Aikau ba kullum yake kalma ɗaya ba. Sau da yawa jerin kalmomi ne, kuma a cikin jerin akwai guda ɗaya da ke jan sauran, kamar yadda madugu ke jan ayari. Aikatau da madugun yake jituwa, ba da kalmar da ta fi kusa da shi ba. Yawancin kurakuran da malamai ke jan layi a ƙarƙashinsu daga nan suke tasowa: ido ya ga suna mai *s* dab da aikatau, hannu ya rubuta *are* ko *have* kafin tunani ya iso.

Mu ɗauki misali daga gida. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma Aminu Waziri Tambuwal ne ya wakilce ta daga 2003 zuwa 2015. A watan Yuni na 2011 majalisar ta zaɓe shi kakakinta. A ce kai ne mai rubuta labarin a ranar. Ga yadda jimlar za ta kasance:

*The House of Representatives has elected Aminu Waziri Tambuwal as its Speaker.*

Kalmar da ke dab da aikatau ita ce *Representatives*, jam'i ce, tana da *s* ɗinta, kuma wakilan nan 360 ne. Amma ba ita ce madugu ba. Madugu shi ne *House*. Ku faɗi jimlar da Hausa ku ji: "Majalisar Wakilai ta zaɓi…". Ba mu ce "sun zaɓi" ba, ko da yake kalmar wakilai ce a kusa, domin kunnenmu ya san majalisa muke nufi. Inda Hausa ta ce ya ko ta, Turanci zai so *is*, *was* ko *has*. Inda Hausa ta ce sun ko suna, zai so *are*, *were* ko *have*.

Dabarar ke nan, mataki biyu ce. Da farko ka sa yatsa ka rufe duk abin da ya biyo bayan *of* har zuwa aikatau, ka ga abin da ya rage. Sannan ka faɗi jimlar da Hausa ka saurari wakilin sunan da bakinka ya fitar. Dabarar tana da inda take gazawa, kuma za mu zo wurin.

Kowane ɗaya, da babu ko ɗaya

*Each of* na nufin kowane ɗaya daga cikin. Sunan da ke biye da shi dole ya zama jam'i, domin ba a zaɓar ɗaya sai daga cikin da yawa. Amma aikatau tilo ne, domin ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukar su.

*Each of the 23 local governments in Sokoto State has a secretariat.*

Kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato tana da sakatariya. "Tana da" muka ce. Rufe daga *of* zuwa *State*, abin da zai rage shi ne *each has*. Kuskure iri biyu ake yi a nan. Wani ya sa *have* saboda ya ga *governments*. Wani kuma, da ya ji an ce jimlar tilo ce, sai ya cire *s* daga sunan ya rubuta *each of the local government*, ya gyara wuri ɗaya ya ɓata wani. Sunan jam'i, aikatau tilo, haka ake so. *One of* ma haka yake tafiya, kuma *everybody* da *everyone* tilo ne duk da cewa jama'a suke nufi, daidai da yadda muke cewa "kowa ya zo", ba "kowa sun zo" ba.

Sai dai ku lura da wurin da *each* ya zauna. Idan ya zo bayan suna jam'i, ba shi ne madugu ba, rakiya kawai ya yi: *The farmers each have two bags.* A nan *farmers* ne aikau, saboda haka *have*. Masu tsara tambayoyin jarrabawa suna son ajiye waɗannan jimlolin biyu kusa da juna.

*Neither of* na nufin babu ko ɗaya daga cikin abu biyu. Biyu kawai, wannan sharaɗi ne.

*Neither of the two local governments has a separate seat in the House of Representatives.*

Kebbe da Tambuwal muke nufi, kuma maganar gaskiya ce, kujera ɗaya suka haɗa. Da Hausa za mu ce "babu wadda take da kujera ta daban a cikinsu". Wadda take, ba waɗanda suke ba. A hira za ku ji Turawa kansu suna cewa *neither of them are*, kuma ba mai tsayar da su. Amma a rubutun ofis da na jarrabawa tilo ake so, kuma shi nake ba ku shawara ku riƙe. Wanda ya rubuta tilo ba a kama shi da laifi a ko'ina. Wanda ya rubuta jam'i kuwa ya dogara ne ga sassaucin mai dubawa.

Idan abubuwan sun wuce biyu, *neither* ya fita, *none of* ya shigo. Ƙaramar hukumar Tambuwal na da mazaɓun kansila 11, don haka ba za ka ce *neither of the wards* kana nufin dukkansu ba, sai *none of the wards*. Shi *none* yana karɓar tilo yana karɓar jam'i, duka biyu sun halatta. A takardar hukuma an fi sa tilo.

Wani lafazin yana kama da wannan har a ɗauka abu ɗaya ne, alhali dokarsa daban: *neither … nor*. A nan babu madugu guda, sunaye biyu ne a jere, kuma aikatau yana bin wanda ya fi kusa da shi.

*Neither the chairman nor the members are here.*
*Neither the members nor the chairman is here.*

Duka biyu daidai ne. Ta farko ta fi daɗin ji, shi ya sa marubuta suka fi ajiye jam'in a ƙarshe. A nan kusanci shi ne doka, saboda haka kada ku ɗauki hukuncinsa ku kai kan *neither of*.

Da dama, da adadi

Yanzu ga wurin da rufe yatsa zai yaudare ka idan ba ka haɗa da kunnen Hausa ba. *A number of* da *the number of* kalma ɗaya ce ta raba su, amma ma'anarsu ta yi nisa da juna.

*A number of traders have come from Jega.*
*The number of traders has increased.*

Ta farko na cewa 'yan kasuwa da dama sun zo daga Jega. Ta biyu na cewa adadin 'yan kasuwa ya ƙaru. A ta farko ba lamba ce ta hau mota ta zo ba, mutane ne. *A number of* a nan ba ya nufin wata lamba, matsayin "da dama" ko "da yawa" yake riƙe, don haka madugu shi ne *traders* kuma aikatau jam'i ne. A ta biyu kuwa lambar ce kanta ake magana a kai, ita ce ta ƙaru, kuma lamba abu ɗaya ce ko da dubu ce. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: gwada sa *many* a wurin. Idan jimlar ta zauna, jam'i ne. *Many traders have come* ta zauna daram. Idan kuma amsar jimlar lamba ce, ko ana cewa ta ƙaru ko ta ragu, tilo ne.

*A lot of*, *some of*, *most of* da *half of* suna tafiya irin ta *a number of*, wato ba su ne madugu ba, sunan da ke bayansu ne ke yanke hukunci. Bambancin shi ne su suna iya shiga gaban abin da ba a ƙidayawa. *Half of the millet is wet*, rabin geron ya jiƙe. *Half of the bags are wet*, rabin buhunan sun jiƙe. Hausa ma ta bi wannan hanyar daidai: ya jiƙe, sun jiƙe.

Suna tattarau

Suna tattarau shi ne wanda siffarsa tilo ce amma taro yake nufi: kwamiti, iyali, gwamnati, ƙungiya, garke, jama'a. A Turanci su ne irin *committee*, *family*, *government*, *team*, *herd*, *crowd*. A nan babu doka guda mai yanke magana, kuma gara a gaya muku gaskiya da a ba ku doka ta ƙarya. Turancin Birtaniya, wanda makarantunmu suka gada, ya yarda da tilo ya yarda da jam'i, gwargwadon abin da mai magana ke nufi. Turancin Amurka kusan kullum tilo yake sawa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, domin muna cewa "jama'a ta taru", muna kuma cewa "jama'a sun watse, kowa ya kama gabansa". A ta farko taron ake kallo a dunƙule, a ta biyu mutanen da ke ciki. Haka a Turanci:

*The committee has approved the budget.*
*The committee are arguing among themselves.*

Amincewa da kasafi hukunci ɗaya ne da kwamiti ya yanke da murya ɗaya. Gardama kuwa ba ta yiwuwa sai da mutum fiye da ɗaya, kwamiti ba zai yi jayayya da kansa ba, 'yan kwamitin ne ke yi. To ka tambayi kanka: aikin nan a dunƙule aka yi shi ko a rarrabe? Yanke shawara, sanarwa, mallakar asusu a banki, zama ranar kaza, duk aikin dunƙule ne. Saɓani, komawa gidaje daban-daban, sa hannu ɗaya bayan ɗaya, aikin rarrabe ne.

Abin da ba a yafewa, a kowane irin Turanci, shi ne ka fara da tilo ka ƙare da jam'i a jimla ɗaya. Idan ka ce *has*, wakilin sunan da zai biyo baya *it* ne ko *its*. Idan ka ce *have*, sai *they* ko *their*. Wannan alama ce mai amfani a ɗakin jarrabawa. Idan an bar gurbin aikatau an ce ka cike, karanta jimlar har ƙarshe tukuna. Ganin *its* ya gaya maka tilo ake so, ganin *their* ko *themselves* ya gaya maka jam'i. Idan babu wata alama, kuma aikin na dunƙule ne, sa tilo.

Ni a ganina, mai rubuta wasiƙar hukuma bai kamata ya tsaya kokawa da jimlar da ke masa nauyi ba. Idan mutanen ciki kake nufi, ka ambace su: *the members of the committee are arguing*. Yanzu madugu ya zama *members*, jam'i ne tsantsa, ba mai ce maka komai ko Bature ne na Landan ko na Amurka.

Wasu 'yan kalmomi kuma kullum jam'i ne ko da ba su da *s*: *police*, *people*, *cattle*. Ana cewa *the police are*, *the cattle are*. Ka tuna da su a matsayin 'yan sanda, mutane da shanu, ba za ka ɓata ba. Idan ɗan sanda ɗaya kake nufi, *a policeman* ko *a police officer* za ka ce. Haka ma'aikaci ɗaya ba *a staff* ba ne, duk da yawan jin sa da muke yi a ofisoshi, *a member of staff* ne.

Inda kunnen Hausa ke gazawa

Akwai sunayen da mu muke ɗauka jam'i, Turanci kuwa yake ɗaukarsu abu ɗaya da ba a ƙidayawa. Muna cewa "kayan aiki sun iso", "kuɗin sun ƙare", "labarai sun zo", "bayanai sun nuna". Turanci yana cewa *the equipment has arrived*, *the money is finished*, *the news is good*, *the information is correct*. Haka *furniture*, *luggage* da *advice*. Ba a ƙara musu *s*, ba a sa musu *are*. *News* ma da yake da *s* tilo ne. A nan fassara ba za ta taimake ka ba, sai hadda. Ku buɗe shafi ɗaya a bayan littafinku na rubutu ku jera su, duk wadda kuka ci karo da ita ku ƙara.

Mu gyara wasiƙa tare

A ce sakataren wata ƙungiyar manoman fadama a yankin Kebbe ya rubuta wa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma bayan ruwa ya ci gonaki. Ƙungiyar da alƙalumanta na gwaji ne, don darasi aka tsara su. Ga abin da ya rubuta:

*Our association have 40 members and it meets every Friday. Each of the members pay 500 naira every month. A number of our rice farms is under water. The number of affected farmers are 17. Neither of our two pumping machines are working. The equipment in our store are old. The committee has not agreed among themselves on what to buy first.*

Jimla bakwai ce, kuma kowace tana da aibi ɗaya. Kafin ku ci gaba da karatu, ku gwada nemo su da kanku.

A jimlar farko sakatare ya haɗa *have* da *it meets*, jam'i da tilo a wuri ɗaya. Mallakar mambobi da zaman ranar Juma'a aikin ƙungiya ne a dunƙule: ƙungiyarmu tana da mutum 40, tana zama duk Juma'a. Gyaran shi ne *has*. A ta biyu *members* ce ta ja hannunsa. Rufe ta, *each* zai rage, kuma kowane ɗaya yana biyan naira 500, saboda haka *pays*.

Ta uku da ta huɗu ya juya su ne, ya ba kowace abin da ya dace da 'yar'uwarta. Gonakin shinkafa da dama suna cikin ruwa, kuma *many* zai zauna a wurin, don haka *are*. Adadin manoman da abin ya shafa kuwa lamba ce, 17, don haka *is*. Ku lura wannan ita ce jimlar da jami'in da zai karanta ya fi nema, domin ita ke ɗauke da alƙalamin da zai shigar a rahotonsa.

A ta biyar injin ban ruwa biyu ne, don haka *neither* ya dace, amma babu wanda yake aiki, wato *is working*. Da injinan uku ne da sai ya ce *none of our three machines*. Ta shida ita ce tarkon da muka ambata yanzu. A zuciyarsa ya ce "kayan aikin sun tsufa", sai ya rubuta *are*. *Equipment* tilo ne, *is old*.

Ta bakwai ta fi buƙatar tunani. *Has* tilo ne, *themselves* jam'i, sun yi karo. Rashin daidaitawa a tsakanin juna aikin rarrabe ne, don haka ba *themselves* za a taɓa ba, aikatau za a gyara ya zama *have*. Mafi tsabta kuma a fito da mutanen fili. Ga wasiƙar bayan gyara:

*Our association has 40 members and it meets every Friday. Each of the members pays 500 naira every month. A number of our rice farms are under water. The number of affected farmers is 17. Neither of our two pumping machines is working. The equipment in our store is old. The members of the committee have not agreed among themselves on what to buy first.*

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya karanta jimlar da Turanci, ɗaya ya faɗe ta da Hausa, sannan ku zaɓi kalmar da ta dace da gurbin, ku kuma faɗi dalili.

1. *Each of the women ___ a sewing machine.* Zaɓi *has* ko *have*.
2. *A number of pupils from Dogon Daji ___ absent.* Zaɓi *was* ko *were*.
3. *The number of lorries on the Sokoto road ___ rising.* Zaɓi *is* ko *are*.
4. *Neither of the two boreholes ___ water.* Zaɓi *gives* ko *give*.
5. *The family ___ sold its farm at Sanyinna.* Zaɓi *has* ko *have*.
6. *The police ___ at the market.* Zaɓi *is* ko *are*.
7. *Neither the village head nor his sons ___ at home.* Zaɓi *is* ko *are*.
8. *The furniture in the classrooms ___ new.* Zaɓi *is* ko *are*.

Amsoshi a jere: *has*, *were*, *is*, *gives*, *has*, *are*, *are*, *is*. Kada ku duba sai kun gama. Wanda ya faɗi ta biyar ya koma ya nemo *its* a cikin jimlar. Wanda ya faɗi ta takwas ya duba ko *classrooms* ce ta ja shi ko kuwa kalmar "kaya" ce a zuciyarsa, domin maganin kowane daban ne: na farko rufe yatsa, na biyu hadda.

Ga malami: kada a karɓi amsa ba dalili. Tambaya mai zaɓi biyu ana iya cin rabinta da canki-canka, kuma ɗalibin da ya dace da sa'a a aji zai maimaita kuskuren ranar da ya zauna rubuta wasiƙa shi kaɗai. A sa kowa ya nuna madugun jimlar da yatsa kafin ya faɗi aikatau.

Aikin gida

Kowa ya rubuta jimla shida da Turanci a kan wata ƙungiya da yake ciki, ta manoma ce, ta adashi, ta 'yan kasuwa ko kwamitin iyayen yara na makarantar unguwarsu. A sa *each of*, *neither of*, *a number of* da *the number of* sau ɗaya-ɗaya, sauran jimla biyun kuma su fara da sunan ƙungiyar. A ƙarƙashin kowace jimla a rubuta ma'anarta da Hausa, a ja layi a ƙarƙashin ya, ta ko sun. Ku zo da littattafanku zama na gaba, da su za mu fara.